“Than me” ko “than I”: Sake Duba Hukuncin Jimlar Kwatanci ta Ingilishi a Makarantun Dutsi da Shiyyar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki ƙa'ida ɗaya da ake koya wa ɗaliban sakandare, wato cewa “Audu is taller than me” kuskure ne, daidai shi ne “taller than I”, haka kuma “as tall as he” ne daidai ba “as tall as him” ba. An bi asalin ƙa'idar, an auna hujjarta da yadda Ingilishi ke aiki, an kuma kwatanta da yadda Hausa ke gina kwatanci. Matsayin da aka kare shi ne, duka siffofin biyu Ingilishi ne karɓaɓɓe, abin da ya raba su shi ne muhallin magana, kuma jan biron malami ya fi cancantar sauka a kan wasu kurakuran kwatanci na daban waɗanda ke da tushe a harshen uwa na ɗalibi.

Inda ƙa'idar ta samo asali

Ɗalibin da ke zaune a ajin ƙarshe na sakandare a Dutsi, ko Mashi, ko cikin garin Daura, yana da jarrabawa uku a gabansa: ta hukumar WAEC, ta NECO, da ta JAMB, kuma babu wadda zai tsallake ba tare da Ingilishi ba. Malaminsa, wanda galibi ya fito daga kwalejin ilimi irin ta Tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, yana riƙe da ƙa'idojin da shi ma aka ba shi. Daga cikinsu akwai wadda ake faɗa da ƙarfin gwiwa kamar karatun farilla: bayan “than” da “as”, wakilin suna dole ya zo a siffar aikau, wato “I, he, she, we, they”, ba a siffar karɓau ba, wato “me, him, her, us, them”. Dalilin da ake bayarwa shi ne akwai aikatau da aka ɓoye a ƙarshen jimlar. Idan aka ce “Audu is taller than I”, cikakkiyar jimlar ita ce “taller than I am”, kuma tunda ba mai cewa “me am”, to “than me” ta faɗi. Hujja ce mai daɗin koyarwa, domin ana iya rubuta ta a allo cikin minti ɗaya, ɗalibi kuma ya ga kamar lissafi ne.

Sai dai wannan hukunci yana da ranar haihuwa, kuma tun ranar da aka haife shi akwai masu ja da shi. Wanda ya fi kowa yaɗa shi shi ne Robert Lowth, malamin Jami'ar Oxford wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, a littafinsa A Short Introduction to English Grammar na 1762. Lowth ya ɗauki “than” a matsayin mahaɗi, wato kalmar da ke haɗa ganga da ganga, don haka ba ta da ikon sauya siffar abin da ya biyo ta. Aikatau ɓoyayye ne ke yanke hukunci. Bisa wannan ne ya riƙa kafa wa manyan marubutan Ingila jan layi. A daidai wannan zamani Joseph Priestley, wanda duniya ta fi sani da binciken iskar oksijin, yana da nasa littafin nahawu, The Rudiments of English Grammar, wanda ya fito a 1761 aka kuma faɗaɗa shi a 1768. Shi ya ga cewa “than” tana aiki irin na harafi, wato ajin kalmomin nan da ke zuwa kafin suna kamar “to” da “from” a Ingilishi ko “daga” da “a” a Hausa, saboda haka siffar karɓau ta dace da ita, kuma haka mutane ke magana. George Campbell ya mayar masa da martani a 1776, ya goyi bayan ɓangaren Lowth. Abin da ya raba gardamar a makarantu ba rinjayen hujja ba ne. Littafin Lindley Murray na 1795, wanda ya bi sawun Lowth, shi ne ya mamaye azuzuwan Ingila da Amurka shekaru da dama, daga nan ra'ayin ya shiga littattafan makaranta da aka kai ƙasashen da Ingila ta mulka, har da tamu.

Akwai kuma hannun Latin a ciki. Malaman wancan ƙarni sun koyi nahawu ne ta hanyar Latin, inda kalmar kwatanci “quam” ke barin abin da ya biyo ta ya ɗauki siffa ɗaya da abin da ake kwatanta shi da shi. Da wannan ma'auni suka auna Ingilishi. Ba laifi ba ne mutum ya duba wani harshe don ya fahimci nasa, amma ma'aunin wani harshe ba ya zama doka a kan wani.

Auna hujjar ɓoyayyen aikatau

Hujjar Lowth tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya: cewa duk inda “than” ta fito, ganga ce ke biye da ita, ko a bayyane ko a ɓoye. Idan aka samu wuri ɗaya tak da ba za a iya mayar da abin da ya biyo ta ganga ba, to ƙafar ta karye, kuma irin waɗannan wurare suna da yawa. A ɗauki jimlar “The road is longer than ten kilometres”, wato hanyar ta fi kilomita goma. Babu aikatau da za a liƙa a ƙarshenta ta ci gaba da zama Ingilishin da mutane ke yi. “Ten kilometres” awo ne kawai, kuma “than” ta riƙe shi kai tsaye yadda harafi ke riƙe suna. A ɗauki tambaya kamar “Who is Audu taller than?” Nan “than” ta tsaya ita kaɗai a ƙarshen jimla, abin da ta riƙe ya koma farko. Haruffan Ingilishi suna yin haka kullum, kamar a “Who did you give it to?”, amma mahaɗi ba ya yi, ba wanda zai iya ƙare tambaya da “because” ko “although” ta wannan hanya. A ɗauki kuma “Nobody is taller than himself”. Kalmar “himself” ba ta iya zama aikau na ganga, ba a cewa “himself is”, amma ga ta zaune bayan “than” ba tare da wata matsala ba. Irin waɗannan shaidu ne Jorge Hankamer ya tattara a maƙalarsa ta 1973, inda ya nuna cewa “than” biyu ce a Ingilishi: mai riƙe ganga da mai riƙe yankin suna.

Shaidar da ta fi nauyi, a ganina, daga hannun Lowth kansa ta fito. Akwai siffar “than whom”, wadda ke cikin Paradise Lost na John Milton na 1667 da rubuce-rubucen manya da yawa. Bisa ƙa'idar ɓoyayyen aikatau “than who” ya kamata a ce, amma ba mai cewa haka, kuma Lowth bai iya ƙin “than whom” ba, sai ya ba ta togaciya ya wuce. To “whom” da “him” da “them” 'yan ɗaki ɗaya ne, duka siffar karɓau ce. Ƙa'idar da ta yarda da ɗaya ta hana sauran, ba tare da ta faɗi abin da ya bambanta su ba, zaɓi ne na ɗanɗano aka sa masa rigar nahawu. Ba kuma za a ce siffar karɓau lalacewar zamani ba ce, domin ana samun ta bayan “than” a wasannin Shakespeare da kuma fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, shekaru fiye da 150 kafin Lowth ya ɗauki alƙalami.

Hanya mafi sauƙi ta nuna wa ɗalibi wannan ita ce a ajiye “than” kusa da “before” da “after”. Ana cewa “Audu arrived before I did”, ana kuma cewa “Audu arrived before me”. A ta farko “before” ta riƙe ganga, a ta biyu ta riƙe wakilin suna kai tsaye. Babu malamin da ya taɓa cewa ta biyun kuskure ce don ba a cewa “me did”, kuma babu mai cewa “arrived before I” ya yi shiru. Kalma ɗaya ce mai aiki biyu, kowa ya yarda. Abin da ake nema a yarda da shi game da “than” da “as” bai wuce wannan ba. Bambancin da ke akwai shi ne, su waɗannan biyun sun sami siffa ta uku, “than I” da “as he” tsirara ba aikatau, wadda rubutun manya da makarantu suka raya ta. Saboda haka siffofi uku ne a hannunmu. “Taller than me” ita ce ta yau da kullum, a baki da rubutu mara tsauri. “Taller than I” ta rubutu ce mai tsauri, kuma a bakin mai magana takan fito da ƙamshin iyayi. “Taller than I am” ba ta da abokin gaba a ko'ina. Wannan rabo shi ne, a taƙaice, abin da manyan littattafan nahawun Ingilishi na zamaninmu suka tsaya a kai, wato na Randolph Quirk da abokan aikinsa na 1985 da na Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum na 2002. Duk abin da aka faɗa ya shafi “as tall as him”, “as tall as he” da “as tall as he is” ba tare da sauyi ba. “As” ta farko tana nuna mizani, ta biyun ce ke aiki irin na “than”.

Abin da ɗalibin Hausa ya zo da shi daga gida

Akan ji malamai suna cewa “than me” tasirin Hausa ne, ɗalibi ya ɗauko “ya fi ni” ya juya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma an ɗora laifin a inda ba shi ba. Hausa ba ta da kalma irin “than”, ba ta kuma ƙara wa sifa ɗafi irin “-er”. Aikatau take amfani da shi: “Audu ya fi ni tsawo.” Wanda aka fi shi ne karɓau na aikatau “fi”, abin da aka yi fifiko a kansa kuma suna ne, “tsawo”, ba sifa “dogo” ba. Daidaito ma da aikatau ake yin sa: “Audu ya kai ni tsawo”, kishiyarsa “bai kai ni tsawo ba”. Leon Stassen, a littafinsa na 1985 kan kwatanci a harsunan duniya, ya ware irin wannan gini a matsayin aji guda, mai amfani da aikatau na zarcewa, kuma ya yawaita a Afirka kudu da Sahara. Shi ne dai ginin da ke cikin Turancin buroka, inda “pass” ke yin aikin “fi”.

Domin “ni” siffarta ɗaya a rubuce a wurare da yawa, ya fi kyau a gwada da mutum na biyu ko na uku mace. Ana cewa “ya fi ka tsawo”, “ya fi ta tsawo”, da wakilin suna na karɓau. Idan aka juya zuwa ɗaya hanyar kwatancin, mai amfani da “fiye da” ko “kamar”, sai wakilin suna mai zaman kansa ya fito: “yana gudu fiye da kai”, “tana karatu kamar ita”. Ko ta wace hanya aka bi, ba a taɓa samun siffar da ke jan aikatau ba. Babu Bahaushen da zai ce “fiye da na” ko “kamar ya” ya tsaya. Idan ana son kawo aikatau, sai an buɗe ganga sosai da “yadda”: “yana gudu fiye da yadda nake yi.” Ga shi nan Hausa ma tana da hanya biyu, “fiye da ni” da “fiye da yadda nake yi”, daidai da “than me” da “than I do”. Wadda ba ta da takwara a Hausa ita ce ta tsakiyan, “than I” tsirara.

Sauran harsunan da ke kunnen yaron wannan yanki ma haka suke. Wanda ya yi Ajurumiyya a zaure ko a Islamiyya ya san Larabci na cewa “huwa akbaru minni”, da “min” wadda ke cikin haruffan jarra, wakilin sunan kuma a liƙe da ita. Ɗan'uwansa da ke tsallaken Kongolam, a makarantun Damagaram, ana koya masa “plus grand que moi” a Faransanci, kuma “que je” tsirara ba ta yiwuwa sam. Wannan ba ya tabbatar da komai game da Ingilishi, kamar yadda Latin ma bai tabbatar ba; zai zama rashin adalci a ƙi hujjar Latin sannan a kafa hujja da Larabci. Abin da yake nunawa kawai shi ne, ɗalibin da ya rubuta “than me” ya faɗa kan siffar da yaron Landan ma zai faɗa, ko da Hausa ce ta tura shi. Tasirin harshen uwa ba ya zama kuskure sai ya haifar da abin da harshen da ake koyo bai yarda da shi ba.

Kuma yana haifarwa, a wasu wurare dabam. Domin Hausa ba ta sauya siffar “tsawo” a kwatanci, sai a ga “Audu is tall than me”, an bar sifa yadda take. Domin an haddace cewa “fi” ita ce “more”, sai a ga “more taller” ko “taller more than me”. Domin Hausa na cewa “na fi son shayi”, sai “prefer” ta ja “than” maimakon “to”, haka ma “senior” da “superior”. Domin “girme” aikatau ne a “ya girme ni”, sai a samu “he seniors me”. Waɗannan ba a karɓar su a daidaitaccen Ingilishi a kowane muhalli, kuma irinsu ne masu nazarin Ingilishin Najeriya, kamar David Jowitt a littafinsa Nigerian English Usage na 1991, suka daɗe suna tattarawa. A ɗauki jimla ɗaya ta misali, irin wadda ɗalibi zai iya rubutawa a wasiƙa ga abokinsa game da damina: “My millet is more tall than you, but you are stronger than me.” Malamin da ƙa'idar Lowth ta cika masa ido zai ja layi a ƙarƙashin “me”. Amma rabin jimlar na biyu lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana rabin farko, kuma biyu ne: “more tall” ya kamata ta zama “taller”, sannan “than you” ta kwatanta gero da mutum, alhali geron aboki ake nufi, wato “than yours”. Abin lura shi ne, kuskure na biyun Hausa ce za ta warkar da shi, domin ɗalibin ya san bambancin “gerona ya fi ka tsawo” da “gerona ya fi naka tsawo”, kuma da an sa shi ya faɗi abin da yake nufi da Hausa da ya ji inda ya kauce.

Martani uku

Martani mafi ƙarfi ga wannan matsayi shi ne na harshen damo. A jimlar “Binta trusts Audu more than me”, ba a san ko Binta ta fi yarda da Audu a kan yadda ta yarda da ni ba, ko kuwa ta fi ni yarda da shi. Masu bin Lowth suna cewa da kowa zai kiyaye ƙa'ida, da “than me” ta keɓanta da ma'ana ta farko, “than I” da ta biyu, shi ke nan an huta. Wannan magana ce ta hankali, kuma dole a amsa cewa harshen damon yana nan. Sai dai maganin da aka kawo gajere ne. Wakilan suna biyar ne kawai ke da siffa biyu a Ingilishi, sai “who” ta shida. Da zarar an ce “more than you” ko “more than Musa”, babu siffar da za ta raba ma'anonin, kuma sunaye sun fi waɗancan biyar yawa nesa ba kusa ba. Marubucin da ke son a fahimce shi dole ya koyi wata dabara ko ta halin ƙaƙa, wato ya fito da aikatau: “more than Musa does” ko “more than she trusts Musa”. In kuwa ya koye ta don Musa, ta ishe shi don “me”. Bugu da ƙari, mai karatu ba zai iya dogara da “than me” a matsayin alamar karɓau ba sai ya tabbata marubucin yana bin ƙa'idar, abin da ba shi da hanyar sani. Hausa ma tana da wannan harshen damo a “tana son Audu fiye da ni”, kuma ba ta hana jimlar ba. Mai magana ne kan sauya zuwa “ta fi ni son Audu” ko “ta fi son Audu a kaina” idan ya ga za a ruɗe. Sannan a jimla irin “taller than me”, inda babu karɓau da za a yi takara da shi, ma'ana ɗaya ce tak, don haka hujjar harshen damo ba ta da abin cewa a can, alhali can ne aka fi jan layi.

Martani na biyu na malamin aji ne, kuma shi ya fi cancantar girmamawa: ni jarrabawa nake shirya wa yara, ba muhawarar masana ba. Littattafan shirin jarrabawa da yawa suna koyar da “than I”, kuma malamin da ya ce wa ɗalibansa duka daidai ne yana iya jawo musu asarar maki. Amsar ita ce a raba dabarar cin jarrabawa da bayanin harshe, a koyar da kowanne da sunansa. A ɗauki tambayar zaɓi ta misali: “Binta is taller than ___”, da zaɓuɓɓuka “I”, “me”, “mine”, “myself”. “Mine” ta fita domin mallaka take nunawa, ba a kuma ambaci wani abin mallaka ba. “Myself” ta fita domin aikau na jimlar Binta ce, ba mai magana ba. Saura biyu, kuma duka Ingilishi ne. Ɗalibi ya tambayi kansa: wace ce mai tsara tambaya ba zai iya ƙi ba? Wanda ya sa “I” da “me” tare a irin wannan tambaya yana gwada tsohuwar ƙa'ida ne, don haka “I” za a zaɓa. Amma ya duba aikatau tukuna, domin a “The teacher praised her more than ___” ana iya nufin karɓau, kuma a nan ko Lowth “me” zai ce in ma'anar ke nan. A ɓangaren insha'i kuwa lamarin ya fi sauƙi. Tsarin makin WAEC ya ware 10 cikin 50 ga tsabtar nahawu da rubutu, ana cire rabin maki kan kowane kuskure, don haka bai kamata ɗalibi ya sa kansa a hannun ɗanɗanon mai duba takarda ba. Ya rubuta “than I am”, “as tall as he is”, “faster than they do”. Ƙarin kalma ɗaya ce, kuma babu mai jan layi a ƙarƙashinta. Abin da bai dace ba shi ne a ce wa yaro “than me” jahilci ne, domin gobe zai ji ta a bakin mai karanta labarai na BBC, ya gan ta a littafin adabin da aka ba shi, daga nan ko dai ya daina yarda da malaminsa ko ya daina yarda da kunnensa. Ga masu tsara tambayoyi kuma, a matakin makaranta ko na jiha, tambayar da ke da amsa biyu karɓaɓɓu ba ta auna iya harshe. A cire ɗaya daga cikin biyun, ko a faɗi muhallin, misali a ce jimlar daga wasiƙar neman aiki take.

Martani na uku shi ne tsoron buɗe ƙofa: in an yarda da “than me” don mutane na faɗa, me zai hana a yarda da “more taller”, ita ma ana faɗa? Bambancin yana ga su wa ke faɗa kuma a ina. Ma'aunin daidaitaccen harshe shi ne abin da ƙwararrun masu amfani da shi ke rubutawa, editoci su bari ya wuce. “Than me” ta cika wannan sharaɗi ƙarnuka huɗu, a jaridu da littattafai. “More taller” ba ta cika shi a Ingilishin yau, ko da yake a zamanin Shakespeare ninka kwatanci irin wannan ya halatta, abin da ke tuna mana cewa ma'aunin kansa yana tafiya da zamani. Karɓar “than me” aiki ne da ma'aunin, kuma ma'aunin nan ɗaya shi ne ya kori “more taller”.

Akwai wata illa ta tsohuwar ƙa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato gyaran da ya wuce gona da iri. Ɗalibin da aka tsoratar da shi daga “me” yakan fara gudunta ko'ina, sai ya rubuta “between you and I”, ko “the principal punished Musa more than I” alhali yana nufin shi aka fi sassauta wa hukunci. A jimla ta biyun ma'ana ta juye gaba ɗaya, ya mayar da kansa mai hukunta Musa. Gwajin da zai tsare shi daga wannan yana cikin harshensa. Kafin ya zaɓi wakilin suna, ya faɗi abin da yake nufi da Hausa ta amfani da “yadda”. In abin da ya fito shi ne “fiye da yadda na hukunta shi”, to “than I did” zai rubuta. In kuwa “fiye da yadda ya hukunta ni” ne, to “than he punished me”, ko “than me” a taƙaice. Darasi ɗaya na minti arba'in ya isa a kafa wannan gwaji a aji, a yi shi da jimloli goma, rabi masu karɓau rabi marasa shi, sauran lokacin kuma a ba “taller”, “prefer to” da “than yours”.